Shaidar da ta zo kare haƙƙi, ta tafi da sirri

Aikina a binciken shi ne karɓar amincewar mutane kafin a ɗebi jininsu. Bincike ne na bibiyar masu ɗauke da ƙwayar cutar hanta nau'in B, ba a ba da sabon magani a cikinsa, ana dai ɗibar jini duk bayan wata shida har tsawon shekara biyu don a ga yadda hantar kowa ke tafiya. Yawancin waɗanda ake turo mana ba su yi nisa a makaranta ba, wasu ko ajin farko ba su taɓa zama ba. An ba mu horo, an ba mu takardar amincewa mai shafi shida da aka fassara, wani daban ya sake mayar da ita harshen asali don a ga ko ma'ana ta zame a hanya, kwamitin ɗa'ar bincike kuma ya buga mata hatimi. Na shiga aikin ina ganin babu abin da ya rage sai karantawa da dangwala yatsa.

A makon farko na yi kuskuren da har yau yake ci mini rai. Wata mata ta shigo tare da wata budurwa da ta rako ta. Na tambaye ta ko tana iya karatu, ta ce a'a. Ƙa'idar da muke bi a lokacin ita ce ta kyakkyawan tsarin gwajin asibiti da ICH, hukumar da ke daidaita ƙa'idojin gwajin magunguna tsakanin ƙasashe, ta fitar a 1996, wadda ta ce idan mutum ba ya iya karatu, dole wani shaida da ba shi da alaƙa da binciken ya zauna daga farkon bayani har ƙarshe, sannan ya sa hannu cewa an yi bayanin daidai, ga alama mai shiga ya fahimta, kuma ba a tilasta masa ba. Na dubi budurwar, na ga tana riƙe da waya tana karanta saƙo, sai na ce a raina ga shaida Allah ya kawo. Na tambayi matar ko ta yarda yarinyar ta zauna, ta ɗaga kai. Na buɗe takarda na karanta layin farko, wanda shi ne sunan binciken, har da sunan cutar a ciki, da jimlar da ke biye: an gayyace ki ne saboda gwaji ya nuna kina ɗauke da wannan ƙwayar cuta.

Ban kai ƙarshen sakin layin ba na ga matar ta ja gyalenta ta rufe rabin fuska, ta kafe ido a ƙasa. Budurwar ta ajiye wayar a cinya. Ƙanwar mijinta ce, kuma abin da aka faɗa mata a gida shi ne za a je ganin likita saboda ciwon ciki. Na dakata, na nemi yarinyar ta ɗan ba mu wuri, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Matar ba ta yi mini faɗa ba. Cewa kawai ta yi, "Ba komai, 'yar'uwa, zan yi shawara." Ba ta sake dawowa wajenmu ba.

Ɗaga kan da ta yi na lissafa a matsayin izini, alhali na yi mata tambayar a gaban wadda ake maganar a kanta, kuma ban gaya mata abin da shaidar za ta ji ba. Wace mace ce za ta ce a fitar mata da ƙanwar miji ido na ganin ido? A ranar na kai rahoton abin ga shugabar binciken, ita kuma ta rubuta wa kwamitin ɗa'a, domin fitar sirrin mai shiga bincike abu ne da dole a sanar, ko da ba a kai ga sa hannu ba. Abin da muka gano da muka zauna shi ne, tsarin namu yana da rami a tsakiyarsa. Wanda ya iya karatu yana shiga ɗaki shi kaɗai, ya karanta, ya sa hannu, ya fita babu wanda ya san me ke damunsa. Wanda bai iya ba kuwa, ƙa'idar da aka yi don kare shi ita ce ke saka mutum na uku a cikin sirrinsa. A binciken da sharaɗin shigarsa shi ne kana da wata cuta, jin sunan binciken kaɗai ya isa ya tona asiri.

Ba mu jefar da ƙa'idar shaida ba, kuma ban ga dalilin jefar da ita ba. Sanarwar Helsinki, wadda Ƙungiyar Likitoci ta Duniya ta fara fitarwa a 1964 kuma aka yi ta sabunta ta, ta ce idan ba za a iya ba da amincewa a rubuce ba, to a rubuta yadda aka ba da ita kuma a yi shaida a kai. In babu shaida, maganata ce kaɗai za ta tsaya cewa na faɗi abin da ke cikin takarda, kuma ni ma'aikaciyar binciken ce, ina da buƙatar mutane su shiga. Abin da muka canza shi ne jerin matakan da wanda zai zaɓi shaidar. Kwamiti ya amince da gyaran, muka ci gaba.

Wata dattijuwa da ta zo bayan haka ita ce zan ba da labarinta dalla-dalla, don a kanta na ga kowane mataki ya yi aikinsa. Ɗanta ne ya kawo ta. Tun daga bakin ƙofa na gaishe shi, na ce masa ƙa'idarmu ce kowa ya fara shiga shi kaɗai. Mun mayar da wannan doka a kan kowa da kowa, mai karatu da marar karatu, don kada ɗan rakiya ya zargi cewa ana ɓoye masa wani abu ne musamman. Da muka zauna, kafin in taɓa takarda, na tambaye ta wa da wa suka san sakamakon gwajinta. Ta ce daga ita sai likitan da ya gaya mata. Sai na ce, "Inna, akwai bayani mai tsawo da zan yi miki, kuma doka ta ce sai wani ya zauna ya ji, don ya tabbatar ban rage ba ban ƙara ba. Duk wanda ya zauna zai ji sunan ciwon. Kina iya zaɓar naki mutum, ko ɗanki ko wani. In ba ki so kowa naki ya ji, akwai wata ma'aikaciya a wani sashe, ba ta cikin aikinmu, ba mu ke biyanta albashi ba, ta kuma yi alkawarin riƙe sirri a rubuce."

Ta yi shiru, sannan ta tambaya, "Ita matar, 'yar ina ce?" Tambayar ta yi daidai, domin baƙo a wurina yana iya zama maƙwabci a wurinta. Saboda haka muka tsara cewa mai shiga zai fara jin sunan shaidar, ya kuma hango ta daga nesa, kafin ita shaidar ta san wa za ta zauna wa. Na nuna mata ita ta taga. Ta duba sosai ta ce ba ta san ta ba, a kira ta.

Maganar iya karatu ma ta koya mini taka-tsantsan. Akwai masu iya rubuta sunansu tsaf amma ba sa iya karanta jimla, kuma da yawa kunya ba za ta bari su faɗa ba. Idan irin wannan mutum ya sa hannu ba shaida, takardar za ta yi kyau a ido amma ba ta da inganci. Na daina tambayar "kin iya karatu?" Sai in miƙa takardar in ce, "Kin fi so ki karanta da kanki ko in karanta miki?" Wanda ya ce zai karanta, nakan roƙe shi ya karanto mini sakin layi ɗaya mu tattauna a kai. Nan take ake ganewa, ba tare da an muzanta kowa ba. Dattijuwar ba ta ɓoye ba, ta ce idonta bai san baƙi ba.

Shafi shida ba sa shiga kan mutum a zama ɗaya idan aka karanto su kamar sanarwar rediyo. Nakan karanta sashe ɗaya yadda yake a rubuce, saboda shaida ta ji ban kauce ba, sannan in ajiye takardar in faɗe shi da bakina. Wurin jini na fito da kwalaben gwaji biyu da babu komai a ciki na ɗora mata a tafin hannu. Mililita 10 ake ɗiba a kowane zuwa, kimanin ƙaramin cokali biyu ke nan. Kalmar mililita ba ta gaya mata komai ba, amma da ta jujjuya kwalaben ta ce, "Ashe ɗan wannan ne." Ta ce ta zaci irin jakar nan ce da ake cika wa masu ba da gudummawar jini. Zuwa biyar za ta yi: na farko, sai huɗu a bayansa, wata shida-shida. Na zana mata layi biyar a takarda, muka ƙirga tare.

Inda aikin ya fi wuya shi ne rarrabe bincike da magani. Masana ɗa'ar bincike sun daɗe da lura da wannan ruɗani, Appelbaum da abokan aikinsa sun yi rubutu a kansa tun 1982: mai shiga bincike yakan ɗauka duk abin da ake yi masa an tsara shi ne don warkar da shi. Ba marasa karatu kaɗai yake kamawa ba, amma ya fi wuyar warwarewa idan ɗakin bincike yana cikin asibiti, ma'aikaciya na sanye da fararen kaya, kuma likitan mutum ne ya turo shi. Shi ya sa ba likitan da ke duba ta ne ke karɓar amincewarta ba. Sanarwar Helsinki ta yi gargaɗi a kan haka, cewa idan mutum ya dogara da likita, wani daban wanda ba ya cikin wannan alaƙa ne ya kamata ya nemi yardarsa.

Da na gama, ban tambaye ta "kin gane?" ba. Amsar wannan tambaya kullum "na gane" ce, don ladabi da kuma gudun ɓata wa ma'aikaci lokaci. Muna da tambayoyi shida da mutum zai amsa da kalmominsa, kuma nakan fara da cewa ni ake gwadawa, ana so a ga ko na iya bayani. Na ce, "Inna, in kin koma gida wata aminiyarki ta tambaye ki me mutanen nan suke so da ke, me za ki ce mata?" Ta ce, "Za su riƙa duba jinina suna ba ni maganin hanta." Na tambaye ta me zai faru idan ta ce ba ta so. Ta ce, "To ai shi ke nan, na rasa layina wurin likita."

Amsa biyu, duka ba daidai ba, kuma su ne mafi nauyi a cikin shidan. Da na miƙa mata tawada a lokacin da ta dangwala, shaida ma wataƙila ta sa hannu, tunda ta ji na karanta komai. Amma yardar da aka gina a kan tsoron rasa likita ba yarda ba ce. Na sake bayani ta wata hanya. Na ce mata ƙofa biyu ce. Ƙofar likitanta a buɗe take ko ta shigo tamu ko ba ta shigo ba, katinta na nan, ranar ganin likitanta na nan. Mu ba ma ba da magani. Abin da za ta samu a wurinmu shi ne, idan gwajin ya nuna hantarta na buƙatar kulawa, za mu ba ta sakamakon mu kuma sanar da likitanta in ta yarda. Amfanin binciken mai yawa na waɗanda za su zo nan gaba ne. Ta saurara, ta ce, "Wato taimako kuke nema a wurina." Na ce ƙwarai kuwa. Ina ganin a wannan lokacin ne zaman ya daidaita, domin ta gane ita ce mai bayarwa, kuma mai bayarwa yana da ikon hanawa.

Ban bari ta yanke hukunci a ranar ba, tunda ta faɗi tambaya biyu a zagayen farko. Tsarinmu ya ce a irin haka a ba mutum kwanaki ya je ya yi tunani, in ya dawo a sake tambayoyin daga farko, in ya sake faɗuwa a kan muhimman ba za a sa shi ba. Ta tambaya ko za ta iya shawara da ɗanta ba tare da ta faɗi sunan ciwon ba. Na ce wannan nata ne, ta yi shawara da duk wanda ta ga dama, amma amsar ƙarshe daga bakinta za mu karɓa, ba daga bakin wani ba. Kuɗin motar da ake mayar wa mutane na ba ta a ranar, na kuma gaya mata ana ba kowa ko ya shiga ko bai shiga ba, don kada ta ji kamar ta ci bashi.

Bayan kwana huɗu ta dawo ita kaɗai. Ma'aikaciyar da ta yi mana shaida a zuwanta na farko muka sake kira, muka bi takardar daga farko. Ta amsa shidan daidai. A kan sirri na fi daɗewa, don a nan ne ma'aikata suka fi yin alkawarin da ba za su iya cikawa ba. "Babu wanda zai taɓa sani" magana ce mai daɗin faɗi, amma ba gaskiya ba ce. Na nuna mata kwalba da ɗan lambar da ake mannawa a jiki, na ce sunanta ba zai hau kwalba ko takardar tambayoyi ba, lamba ce kawai. Littafi ɗaya ne ya haɗa suna da lamba, yana kulle a kabad daban da inda ake ajiye sauran takardu, mutum biyu ke da makulli. Takardar amincewa tana ɗauke da sunanta, don haka ita ma ba a haɗa ta da sakamakon gwaji a fayil ɗaya. Sannan na faɗa mata iyakar abin: masu sa ido a kan binciken da 'yan kwamitin ɗa'a suna da ikon buɗe takardun don su tabbatar ba mu ƙirƙiri mutane ba, kuma su ma sirrin ya hau kansu. Na gaya mata tana iya fita duk ranar da ta so ba sai ta ba da dalili ba, za a zubar da jininta da ya rage, amma abin da aka riga aka haɗa cikin lissafi aka fitar ba zai ciru ba.

Akwai wani akwati daban a takardar, na izinin ajiye ragowar jini a firiza don wani bincike nan gaba. Wannan tambaya ce mai zaman kanta, ƙin ta ba ya hana shiga. Ta tambaya wane bincike ne, na ce ba a tsara shi ba tukuna, sai dai ba za a taɓa jinin ba sai kwamiti ya yarda. Ta ce, "Abin da ban san shi ba, ba zan ce na yarda da shi ba." Aka yi alama a gurbin a'a. Na ji daɗin wannan a'a ɗin fiye da e da yawa da na karɓa, domin ta nuna mini matar ta san tana da zaɓi kuma ta yi amfani da shi.

Sai dangwale. Ta sa babban yatsanta a tawada ta danna a cikin akwatin da aka tanada. Shaida ce ta rubuta sunan dattijuwar da kwanan wata a gefen dangwalen, ba ni ba, sannan ta rubuta nata sunan ta sa hannu da kwanan wata, ni ma na sa nawa a ƙarshe. Kwanakin nan dole su zama ɗaya, kuma dole su riga ɗibar jini. Mai duba takardu in ya ga rubutun ma'aikaci a gurbin shaida, ko kwanan shaida ya bambanta da na dangwale, ya san ba a zauna tare ba. Na ba ta auduga da ɗan sinadarin goge hannu ta share yatsan sosai. Mun koyi wannan ne bayan wata mata ta gaya mana an tare ta da tambaya a gida, me ta je ta dangwala wa hannu.

Ƙa'ida ta ce a ba mai shiga kwafin takardar da aka sa wa hannu ya tafi da shi. Ga mai karatu wannan kariya ce. Ga dattijuwar nan kuwa, takarda ce da ita ba za ta iya karantawa ba amma duk wani ɗan makaranta a gidanta zai iya, kuma sunan cutar na saman shafin farko. Gyaran da kwamiti ya amince mana shi ne a miƙa wa kowa kwafinsa, a gaya masa abin da ke rubuce a kai da wanda zai iya karantawa, in ya ƙi ɗauka a rubuta cewa an ba shi ya zaɓi a ajiye masa. Ta ce a ajiye. Na sa nata a ambulan na rufe a gabanta, na ba ta ɗan kati mai ɗauke da lambarta, ranar dawowa, da lambobin waya biyu, tamu da ta kwamitin ɗa'a inda za ta kai ƙara in mun saɓa mata. Babu sunan cuta a katin, babu sunan sashen. Na sa jan layi a ƙarƙashin lambar kwamitin don ta bambance su.

Wayar da ta ba mu ta ɗanta ce. Na tambaye ta me za mu ce in shi ya ɗauka. Muka shirya cewa ba za mu tura saƙon rubutu ba ko kaɗan, tunda wani ne zai karanta mata, in mun kira kuma za mu ce daga asibiti ne ana tuna mata ranar zuwanta, ba ƙari. Ziyarar gida ta ce kada a kuskura. Duk na rubuta a takardar tuntuɓa, domin ranar da ba na nan wanda zai kira ya san iyakarsa.

Zaman nan biyu sun ci kusan awa biyu da rabi a kan mutum ɗaya, kuma an sha yi mini magana cewa adadin waɗanda nake shigarwa ya yi ƙasa. Na kai maganar gaban shugabar binciken da takardar tambayoyi shidan a hannuna, na nuna mata mutum nawa ne suke faɗuwa a zagayen farko a kan tambayar "me zai faru in kin ƙi". Ta ƙara mana ma'aikaciya ɗaya maimakon ta rage lokacin.

Da wata shida ya cika dattijuwar ta zo da katinta a naɗe cikin leda. Kafin in ɗauko sirinji na sake tambayarta, kamar yadda muke yi a kowane zuwa, ko ta tuna me ake yi a nan, kuma ko har yanzu tana so. Ta ce ta tuna, ba magani ba ne, jini ne cokali biyu, saura zuwa uku bayan wannan. Sannan ta ce in ɗauko mata ambulan ɗinta. Ta gaya wa ɗanta da bakinta, yana waje, tana so ya karanta takardar da kansa, kuma tana so a yi masa bayanin inda zai je a gwada shi, a yi masa allurar rigakafi in bai kamu ba. Na tambaye ta ko in kira shi ciki ko ta fi so su karanta a gida. Ta ce in kira shi. Na rubuta a fayil cewa ita ta nemi haka, da kwanan wata, sannan na buɗe ƙofa.